Abin da ya sa "a turo da gaggawa" ba ya kawo aiki a kan lokaci

A ofisoshi da dama, saƙon neman aiki kan ƙare da "a turo da gaggawa" ko "da zarar an samu dama". Mai aikawa yana ganin ya nuna matsuwarsa. Wanda aka aika wa kuwa yana da wasu takardun a kan tebur, kowacce an ce ta gaggawa ce, don haka sai ya fara da ta wanda ya fi jin tsoro.

A ɗauki misalin akanta a wani kamfani a Kano, wanda zai kai jadawalin albashi banki ranar Juma'a 27 ga Yuni, kafin a tashi zuwa masallaci. Ranar Litinin ya rubuta wa jami'ar kula da ma'aikata: "Hajiya, don Allah a taimaka min da jerin sunayen waɗanda suka yi aikin ƙarin lokaci, da wuri."

A wurin Hajiya, "da wuri" na nufin cikin makon. Ta turo ranar Juma'a da hantsi, kuma ba ta yi laifi ba. Sai dai akantan na buƙatar rabin yini ya tantance lissafin, sannan manaja ya sa hannu. Albashi ya koma Litinin.

Gyaran yana farawa ne da lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Banki ranar Juma'a, sa hannun manaja ranar Alhamis, tantancewa ranar Laraba da rana. Ke nan saƙon da ya dace shi ne: "Hajiya, don Allah ina buƙatar jerin zuwa ƙarfe 12 na rana, Laraba 25 ga Yuni, saboda manaja zai sa hannu ranar Alhamis. Idan ba zai yiwu ba, a sanar da ni yau kafin a tashi."

Ladabin bai ragu ba. Dalilin da aka faɗa shi ke hana wa'adin zama kamar umarni, jimlar ƙarshe kuma ta ba Hajiya damar cewa ba za ta iya ba tun da sauran lokacin neman mafita.

Akwai kalmomin da ke kama da wa'adi amma ba su kai ba. "Gobe" a saƙon WhatsApp da aka tura da daddare, aka buɗe da safe, ta zama jibi. "Bayan la'asar" na iya kaiwa magariba. Idan abokin aikin yana Accra, sai an faɗi agogon da ake nufi, domin ƙarfe 12 a Kano ko Yamai ƙarfe 11 ne a can.

Sai dai wa'adin ya zama na gaskiya. Akantan da ya ce Laraba, aka kawo masa, sannan aka ga takardar a ajiye har Juma'a bai taɓa ta ba, a wata mai zuwa Hajiya za ta ɗauki Larabarsa a matsayin Juma'a.