Gane Lokacin Barcin Jariri Tun Kafin Ya Fara Kuka

Iyaye mata da yawa suna jira sai jariri ya fara kuka sannan su ce barci yake ji. A lokacin kuwa an riga an makara. Kowane jariri yana da iyakar tsawon lokacin da zai iya yi ido biyu tsakanin barci da barci, kuma wannan lokaci yana ƙaruwa yayin da yake girma.

Sabon haihuwa ba ya jure fiye da minti 45 zuwa awa ɗaya, har da lokacin shan nono da wanka a cikin lissafin. Zuwa wata uku yakan kai awa ɗaya da rabi. Daga wata huɗu zuwa shida, awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Mai shekara ɗaya kan yi awa uku zuwa huɗu. Wannan ƙiyasi ne, yara sun bambanta. Bakwaini kuma ana lissafa masa ne daga ranar da aka sa ran haihuwarsa.

Amfanin agogo shi ne ya nuna miki lokacin da za ki fara sa ido. A ce ɗanki ɗan wata huɗu ne, ya farka ƙarfe bakwai na safe. Wajen takwas da rabi ki lura da fuskarsa. Alamar farko shiru ce: wasan ya lafa, ya ƙura wa wuri ɗaya ido, kina yi masa wasa yana kawar da kai. A nan ya kamata ki janye shi daga hayaniya, ki rage haske, ki lallashe shi, ki kwantar da shi rigingine. Hamma da murza ido da jan kunne suna biyo baya, kuma da zarar sun bayyana saura kaɗan.

Idan aka wuce nan, jikinsa yakan saki sinadaran da ke hana barci, irin waɗanda ke fita lokacin firgici. Sai ki ga yana banƙarewa, ya dunƙule hannu, ya kama nono ya saki yana tsala kuka. Wani ma sai ya ƙara kazar-kazar, har mutanen gida su ce ai babu barci a idonsa. Gajiya ce ta yi yawa, kuma ko ya samu barcin, sau da yawa ba ya daɗewa yake farkawa.

Jaririn da ke goye ba a ganin fuskarsa, don haka ki saurari jikinsa: ya daina wutsil-wutsil, yana goga fuska a bayanki.

Amma jaririn da ke wuyar tashi daga barci, ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ba maganar gajiya ba ce. A kai shi asibiti nan take.