Wasiƙar Ban Haƙuri Bayan Kwafar Amsa: Me Ɗalibi Zai Rubuta wa Malaminsa?

Duk shagon littattafan da ke kusa da makarantar sakandare za ka tarar yana sayar da kundin tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, kowace tambaya da amsarta a warware daki-daki. Littattafan ba su da aibi, don bita aka yi su. Matsala tana tasowa ne ranar da malamin lissafi ya ba da aikin gida, ɗalibi ya gano cewa daga kundin aka ɗauko tambayoyin, ya kwafe amsar tsaf, ya rubuta sunansa a sama ya miƙa. Idan asiri ya tonu, sau da yawa akan ce ya rubuto wasiƙar ban haƙuri. Yawancin irin waɗannan wasiƙu ba sa gyara komai, domin sun cika da roƙo, amma babu bayanin abin da ya faru.

Kafin a kai ga wasiƙar, yana da kyau a san yadda malami ke ganewa, don ɗalibai da yawa suna zaton tsegumi aka kai masa. A ce ɗan aji biyu na babbar sakandare ne aka ba shi tambayoyi biyar, ta uku ita ce 2x² − 5x − 3 = 0. Wanda ya bi ƙa'ida zai isa ga √(25 + 24), wato √49, ya sami 7, daga nan amsa ta fito 3 ko −1/2. To a ce an yi kuskuren ɗab'i a kundin, abin da ba baƙo ba ne a irin waɗannan littattafai, aka buga √(25 − 24), amma layi na gaba ya ci gaba da √49 kamar ba abin da ya faru. Yaron da ya yi kuskuren alamar da kansa zai sami 1, ya ƙare da amsar da ba daidai ba. Wanda ya rubuta 25 − 24 sannan ya sauka a kan 49 kuwa, idonsa ne ya yi aikin, ƙwaƙwalwarsa ba ta wurin. Idan malam ya ga wannan tsallen a takardu huɗu a aji guda, ba ya buƙatar mai gaya masa. Akwai wasu alamun: hanyar da ba a koyar a aji ba tukuna, ko takarda fes ba gogewa ko ɗaya daga yaron da aka san shi da kokawa da alamar ragi.

Abin da ke ɓata wa malami rai a nan ya wuce maki. A lissafi ana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, haka ma masu duba takardun WAEC suke yi. Aikin gida shi ne inda malam ke gane wurin da ɗalibi yake tuntuɓe. Wanda ya miƙa aikin wani ya gaya wa malam cewa ya iya, malam ya gaskata ya wuce babi na gaba. Saboda haka aikin wasiƙar na farko shi ne ta janye wannan labarin ƙarya, ta sa na gaskiya a gurbinsa. Ga yadda za ta iya kasancewa, bayan adireshi da kwanan wata:

"Malam, Assalamu alaikum. Na rubuto ne game da aikin gida na lissafi da na miƙa ranar Litinin. Tambaya ta ɗaya da ta biyu ni na yi su da kaina. Ta uku zuwa ta biyar kuwa na kwafo su ne daga kundin tambayoyin baya, layi bayan layi, na kawo muku a matsayin aikina. Na san ba haka kuka umarce mu ba, kuma na yaudare ku. Gaskiyar magana ban gane yadda ake sarrafa alamar ragi a cikin ƙa'idar ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. Na amince da duk hukuncin da kuka yanke a kan makin. Idan kun yarda, ina so ku ba ni wasu tambayoyi makamantansu in yi a gabanku. Ku yi haƙuri, ku yafe mini. Ɗalibinku."

Wasiƙar gajeriya ce, kuma haka ya kamata. Ƙarfinta yana cikin jimlolin da suka ware abin da yaron ya yi da abin da ya kwafa. A nan ɗalibai kan zame ta fuska biyu. Wani zai rage laifin, ya ce "na ɗan leƙa littafi", alhali malam yana riƙe da takardar da ta nuna kwafa ce ƙiri-ƙiri. Ya ƙara ƙarya ta biyu ke nan, kuma wannan karon a rubuce da sa hannunsa. Wani kuma tsoro zai sa ya amsa har abin da bai yi ba, ya ce duka biyar ya kwafa don a gama magana. Wannan ma cutar kansa ya yi, domin a wasu makarantu wasiƙar takan shiga fayil ɗin ɗalibi, kuma malam ya rasa sanin cewa tambayoyi biyun farko sun zauna masa.

Akwai jimlar da ya kamata a kauce mata ko ta halin ƙaƙa: "idan na yi muku laifi". A gaisuwar yau da kullum tana da daɗin ji, amma a nan tana nufin laifin bai tabbata ba. Haka ma "sharrin Shaiɗan ne" da "kowa ma ya yi". Dalili na gaskiya yana da wuri, a jimla ɗaya: ban gane ba, ko na bar aikin sai daren ƙarshe. Da zarar dalilin ya ci sakin layi guda, ya zama kariyar kai.

Sunayen abokai fa? A ganina ba su da gurbi a wasiƙar. Idan malam ya tambaya baki da baki, wannan wata magana ce, kuma ƙarya ba ta halatta a can ba. Amma takardar da ta fara da ban haƙuri ta ƙare da jerin sunaye ta koma ƙara. Roƙon a mayar da maki ma a bar shi. Makin aikin gida yana shiga jimillar sakamakon zango, don haka asararsa tana da zafi, sai dai mai neman afuwa da maki a numfashi ɗaya yana sa malam ya yi zargin makin ne ya kawo shi.

A al'adarmu ban haƙuri da ƙafa ake zuwa, a rusuna a gaida babba, wani lokaci a tafi da uba ko yaya. Wasiƙa ba ta soke wannan ba. Ɗalibi ya kai ta da hannunsa ofishin malamai, kada ya ba ɗan aji ya ajiye a tebur. Iyaye kuma su yi haƙuri su bar yaro ya rubuta da kansa. Malamin da ya gane kwafar lissafi zai gane wasiƙar da babban wa ya tsara, ko wadda aka ɗauko daga littafin koyon rubuta wasiƙa.

Idan malam ya karɓi tayin da ke cikinta, ba zai maimaita tsohuwar tambayar ba, don yaron ya riga ya haddace ta. Zai ba shi wata kamar 3x² − 7x − 6 = 0, ya zuba ido ya ga ko zai rubuta 49 + 72 ko 49 − 72. In ya sami 121, sauran aikin mai sauƙi ne: 3 ko −2/3. In kuma ya kafe a wurin alamar, malam ya san daidai inda zai fara maimaita darasin.