Gulutamin da Shimfiɗar Hanji: Yadda Yake Ciyar da Ita da Dalilin Nazarinsa Bayan Ciwo Mai Tsanani

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda sinadarin gulutamin yake ciyar da ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin ƙaramin hanji, da kuma dalilin da ya sa likitoci suka daɗe suna nazarinsa dangane da majinyatan da ciwo ya galabaita. Za a kafa misali da irin majinyacin da akan gani a manyan asibitocin Abuja, kamar Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, wato wanda zazzaɓin taifot ya huda wa hanji.

2.0 Ma'anar Gulutamin

Gulutamin ɗaya ne daga cikin amino asid guda 20 waɗanda da su ake gina furotin. A jinin ɗan'adam babu amino asid da ya kai shi yawa. Ana samun sa a nama da madara da ƙwai da wake, amma mafi yawansa jiki ne yake ƙera shi da kansa. Tsoka ita ce babbar maƙerarsa, ita ce kuma rumbunsa. Saboda haka mai lafiya ba ya buƙatar a ƙara masa shi.

3.0 Yadda Yake Ciyar da Hanji

Idan aka dubi cikin ƙaramin hanji da madubin likita, za a ga ya cika da 'yan tsirarraki kamar gashin tawul. Ƙwayoyin halitta jeri ɗaya tak suka lulluɓe su, kuma wannan jeri yana da aiki biyu: tsotse abinci, da tare ƙwayoyin cuta kada su tsallaka cikin jini. Ƙwayoyin ba sa daɗewa, domin cikin kwana 3 zuwa 5 tsofaffi sun zube, sababbi sun maye gurbinsu. Ginin da ake sabuntawa duk mako kuwa dole ya ci makamashi da kayan aiki.

A shekarar 1974 Windmueller da Spaeth suka nuna, a gwajin da suka yi da ɓeraye a Amurka, cewa hanji yana zuƙar gulutamin mai yawa daga jini yana ƙonawa. Wannan ya ba da mamaki, domin a da sukari aka ɗauka shi ne babban makamashinsa. Abin lura a nan shi ne, ƙwayar hanji baki biyu gare ta: tana ci daga abincin da ke wucewa ta cikin hanji, tana kuma ci daga jinin da ke bi ta bayanta.

Idan gulutamin ya shiga ƙwayar, wani sinadari mai suna gulutaminas yakan raba shi biyu, ya zama gulutamet da amoniya. Gulutamet ake ƙonawa a sami ƙarfi. Wani kaso na gulutamin kuma yakan ba da naitirojin da ake haɗa kayan gado da shi, wanda idan babu shi ƙwaya ba ta rabuwa ta haifi wata. Daga cikin abin da ya rage hanji yakan ƙera sitirulin, ya tura shi ƙoda. Da yake hanji ne babban tushensa, akan auna sitirulin a jini don a ƙiyasta yawan ƙwayoyin hanji masu aiki. Idan ya faɗi ƙwarai, alama ce shimfiɗar ta lalace.

4.0 Halin da Ake Shiga Lokacin Ciwo

A ɗauki magidanci mai nauyin kilo 60 wanda aka yi wa tiyatar ɗinke hanji bayan taifot, ya kwana biyar bai sa komai a baki ba. Abu uku ne suke haɗuwa a kansa. Na farko, bakin ƙwayar hanji na ciki ya rufe, tunda babu abinci. Na biyu, ƙwayoyin garkuwar jiki da raunin da ke warkewa su ma gulutamin suke nema. Na uku, tsoka ta shiga narkewa don ta biya wannan buƙata, abin da ke cikin dalilan ramar da akan gani a cinya da damtse. Duk da haka, a jinin majinyata da dama gulutamin yakan ragu, kuma an lura cewa mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda nasu ya yi ƙasa sosai.

Daga nan masana suka gina hasashe: idan hanji ya ji yunwa tsirarrakinsa za su gajarce, katangar ta yi rauni, ƙwayoyin cuta su kutsa cikin jini. A shekarar 1990 Lacey da Wilmore suka kawo shawarar a ɗauki gulutamin a matsayin sinadarin da yakan zama wajibi a ba da shi a halin ciwo. Wani ƙaramin gwaji da aka buga a 1993 daga ƙasar Holan ya ƙarfafa wannan, domin tsirarrakin hanjin waɗanda aka sa wa shi cikin abincin jijiya ba su gajarce ba.

5.0 Sakamakon Manyan Gwaje-gwaje

Hausawa kan ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A 2013 aka buga sakamakon gwajin REDOXS, wanda Daren Heyland ya jagoranta a Kanada da Amurka da Turai, a kan majinyata 1,223 waɗanda sassan jikinsu biyu ko fiye suka gaza. An ba su giram 0.35 a kan kowane kilo ta jijiya, da ƙarin giram 30 ta ciki, kowace rana. Ga magidancin misalinmu, wannan giram 21 ne da 30, wato giram 51, ninki da yawa na abin da abinci ke bayarwa. Cikin kwana 28, kashi 32.4 cikin ɗari na waɗanda aka ba sun rasu, alhali kashi 27.2 ne a ɗaya ɓangaren.

Ana ganin dalilin yana da alaƙa da amoniya da sauran naitirojin, domin hanta ce ke sarrafa su, ƙoda ta fitar. Idan waɗannan biyu sun gaza, ƙarin ya zama kaya a kan jaki mai rauni. Bugu da ƙari, ba kowane majinyaci ne gulutamin ɗinsa yake raguwa ba. A ciwon hanta mai tsanani hauhawa ma yake yi.

A 2022 wani gwajin a kan kimanin mutum 1,200 masu ƙunar wuta bai nuna an sallame su da wuri ba. A Afirka ta Yamma ma, gwajin da aka buga a 2007 a kan jariran karkarar Gambiya bai nuna ƙarin girma ko gyaruwar katangar hanji ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ciyar da hanji da gulutamin ke yi abu ne tabbatacce, amma raguwarsa a jini ta fi kama da alamar tsananin ciwo, ba lallai ne ita ce sanadinsa ba. Shi ya sa a yau ba a ba da shawarar a ba mai gazawar hanta ko ƙoda ƙarinsa. Abin da likitocin tiyata suka fi karkata gare shi ga irin majinyacin misalinmu shi ne a soma ba shi abinci ta ciki da zarar hanjin ya iya ɗauka, kaɗan-kaɗan, daga ruwa-ruwa kamar kunu zuwa mai furotin, domin bakin ƙwayar na ciki ya sake buɗewa.