Inda Ake Ɗora wa Ƙarfen Canel Kaya Bai Murɗe Ba

Ƙarfen canel, wanda ake gani a shasin manyan motoci da rufin masana'antu, yana da siffar harafin C mai kusurwa: bango ɗaya a tsaye, da leɓe biyu, na sama da na ƙasa, suna kallon gefe guda. Idan aka gitta shi tsakanin ginshiƙai biyu aka ɗora masa kaya, hankali zai ɗauka cewa lanƙwasa kawai zai yi. Amma yana lanƙwasa kuma yana murɗewa, ko da an saita kayan daidai kan cibiyar nauyinsa. Injiniyan Jamus Carl Bach ya ga haka a gwaje-gwajensa wajen 1909, sannan a 1921 Robert Maillart na ƙasar Suwizalan ya bayyana dalili.

Dalilin yana cikin yadda ƙarfin yanka ke bin jikin ƙarfen. Ƙarfin yanka shi ne wanda ke neman goce wani sashe daga maƙwabcinsa. A ƙarfe mai sirara ba ya tafiya ƙasa kai tsaye, bin siffar ƙarfen yake yi. Daga bakin leɓen sama yake tasowa daga sifili, yana ƙaruwa har kusurwa, ya gangara ta bango, ya fita ta leɓen ƙasa yana raguwa. Bangon ne ke ɗaukar kusan dukan nauyin da ke danno ƙasa. A leɓunan kuwa ƙarfin a kwance yake, na sama ya nufi gefe ɗaya, na ƙasa ya nufi ɗayan. Girmansu ɗaya, don haka ba sa tura ƙarfen ko'ina, sai dai da yake akwai tazara tsakaninsu, juya shi suke yi, kamar hannu biyu a kan sitiyari.

Ba abin da zai kashe wannan juyi sai a matsar da kayan gefe, yadda shi ma zai kawo juyi mai girma ɗaya ta ɗaya ɓangaren. Wurin da su biyun suka yi daidai shi ne cibiyar ƙarfin yanka. Abin da ya fi ɗaure kai a nan shi ne wurin ba ya jikin ƙarfen sam. Yana cikin iska, a bayan bango, gefen da babu leɓe.

Idan kaurin bango da na leɓuna ɗaya ne, ana samun nisan wurin daga tsakiyar kaurin bango da wannan lissafi:

```
e = 3b² / (h + 6b)
```

A nan b faɗin leɓe ne, h kuma tsayin bango daga tsakiyar leɓen sama zuwa tsakiyar na ƙasa. Kauri bai fito a lissafin ba, ma'ana siffa ce ke yanke hukunci, ba yawan ƙarfe ba, ba kuma nauyin kaya ba.

A ɗauki canel mai tsayin milimita 200 da leɓe mai faɗin milimita 75. Sau uku na 75 sau 75 ya ba da 16,875, a raba da 650, sai a samu kusan milimita 26. Idan ƙarfin yankan da ke ratsa wurin ya kai nauyin kilo 1,000, kowane leɓe na ɗauke da kimanin kilo 130 a kwance. Kilo 130 sau milimita 200 daidai yake da kilo 1,000 sau milimita 26, nan ne juyin biyu suka kashe juna. Cibiyar nauyin wannan ƙarfe kuwa tana milimita 16 daga bango, a gefen leɓuna. Wanda ya ɗora kaya a kanta ya kauce da milimita 42. Tazarar ba ta kai tsawon yatsa ba, amma ta isa, domin siririn ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe ba shi da juriyar murɗa ko kaɗan idan aka kwatanta shi da bututu.

Ana gane matsalar da ido. Leɓen sama zai karkata zuwa gefen da yake buɗe, bangon ya daina tsayawa a miƙe a tsakiyar dogon ƙarfen, kusoshi da waldar ƙarshensa su sha jan da ba a yi musu lissafinsa ba.

Magani na farko shi ne a yi wa bayan bango waldar ɗan hannu, a rataya kayan a kansa daidai nisan da lissafi ya bayar. A aikin gini ba kullum hakan ke yiwuwa ba, kuma nauyin ƙarfen kansa ta cibiyar nauyi yake bi. Shi ya sa aka fi haɗa canel biyu baya da baya, ko fuska da fuska su zama akwati, inda cibiyoyin biyu ke haɗuwa wuri guda, ko a ɗaure shi da ƙarafan gicciye da za su hana shi juyawa. Lissafin da ke sama na ƙarfe mai sirara ne wanda bai kai ga lanƙwasar dindindin ba. Ga canel mai leɓuna da suka fi bango kauri, ana duba nisan a jadawalin kamfanin da ya ƙera shi.