Mandarin ko Kantonis: wanne ɗan kasuwa zai koya?

Bayan girbin bana na je gida wajen Dambatta, sai wani ɗan ƙanena da ke sayen riɗi a kasuwannin ƙauye yana kai wa Dawanau ya tare ni da tambaya. Ya tara ɗan jari, yana son zuwa Guangzhou ya saro injinan ban-ruwa, an kuma ce masa Sinancin can daban yake. “Baba, wanne zan koya?”

Gaskiya aka faɗa masa. Harshen gado na Guangzhou, da Hong Kong da Macau, shi ne Kantonis. Mandarin kuwa harshen hukuma ne da makaranta a duk faɗin ƙasar Sin. Rubutunsu tushe ɗaya ne, amma a baki mai jin ɗaya ba ya fahimtar ɗayan sai ya koya.

Bambanci na farko karin sauti ne, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe, tunda da shi muke raba kukan yaro da kukar miya. Mandarin na da kari huɗu, Kantonis shida, wasunsu kusa da juna ƙwarai. A Mandarin “mai” da murya ta nutse sannan ta taso na nufin saye, “mai” da murya ta faɗo na nufin sayarwa. A Kantonis duka biyun “maai” ne daga ƙasan murya, na saye ya ɗan haura, na sayarwa ya tsaya a shimfiɗe. Wannan ya fi wuyar kamawa ga kunnen baƙo.

Na biyu ƙarshen gaɓa ne. Kantonis na rufe kalma da p, t, k ko m, Mandarin ba ya yi. Goma “shi” ce a Mandarin, “sap” a Kantonis. Shida “liu” da “luk”. A nan tarkon yake. “Yi” ɗaya ce a Mandarin, amma a Kantonis biyu ce, ɗaya kuwa “yat”. Saboda haka “yi bai” ɗari ce, “yi baak” ɗari biyu, kuma k ɗin nan a maƙogwaro ake tsayar da ita, da kyar ake ji. Wanda ya yi ciniki a kan kaya hamsin yana zaton ɗari-ɗari ne, sai ya tarar da ƙarin yuwan dubu biyar a takardar biya.

Na ce masa ya koyi Mandarin. Da yawa daga masu shaguna da ma’aikatan masana’antu a Guangzhou daga wasu larduna suka zo, Mandarin ne ke haɗa su, ’yan garin ma sun yi shi a makaranta. Shi zai yi masa aiki in ya zarce Yiwu, ko in Basine mai sayen riɗi ya same shi a Dawanau. Daga Kantonis ƙirga ɗaya zuwa goma ta ishe shi, sai in harkarsa ta koma Hong Kong. Farashi kuwa, ko da wane harshe aka faɗa, ya miƙa kalkuleta a buga masa lambar ya gani kafin ya ce ya saya.