Gwajin Chi-Square: Misali Daga Dogo Tebo

Kafin a sauya manhaja bisa sakamakon ajujuwa biyu, wajibi ne a tantance ko bambancin da aka gani ya zarce na dace. Mu ƙaddara an jarraba ɗalibai 100 a unguwar Dogo Tebo, Potiskum: 60 da Hausa aka koyar da su, 40 da Turanci. A rukunin Hausa 42 suka ci, 18 suka faɗi. A na Turanci 18 suka ci, 22 suka faɗi.

Da a ce harshe ba shi da alaƙa da sakamako, adadin da ake tsammani a kowane gurbi na jadawalin shi ne jimlar jerensa sau jimlar ginshiƙinsa, a raba da 100. Wannan ya ba mu 36 da 24, sannan 24 da 16. Kowane gurbi ya kauce da 6, don haka:

χ² = 36/36 + 36/24 + 36/24 + 36/16 = 6.25

Matakin 'yanci shi ne (2−1)(2−1) = 1, domin da zarar an cike gurbi ɗaya, jimloli sun ƙayyade sauran. Iyakarsa a 0.05 ita ce 3.84, tunda 6.25 ta wuce ta, akwai alaƙa.

Sai dai alaƙa ba dalili ba ce, domin mai yiwuwa malaman ne suka bambanta. Haka kuma idan adadin tsammani ya gaza 5, sakamakon ba abin dogaro ba ne.