Daga Janiba zuwa Maiduguri: Yadda ake zaɓar magungunan da asibiti zai ajiye

Babu asibitin da yake iya sayen duk magungunan da ke kasuwa. Kuɗi ba sa isa, ɗakin ajiya ba ya ɗauka, kuma da yawa daga cikin magungunan aiki iri ɗaya suke yi, sunan kamfani ne kawai ya bambanta su. Saboda haka dole a yi zaɓi. Wannan zaɓin ne yake yanke ko majinyaci zai samu maganinsa a kantin asibiti, ko kuwa za a miƙa wa danginsa takarda cikin dare a ce su je waje su nemo.

Zaɓin hawa uku ne: na duniya, na ƙasa, da na asibiti. A gari irin Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, hawa na ƙarshe ne ya fi wuya.

Jerin da sauran ke koyi da shi

A shekarar 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko, mai ɗauke da magunguna kimanin 200. Tun daga lokacin wani kwamitin ƙwararru yake sabunta shi duk bayan shekara biyu, kuma a yau ya haura 500. A 2007 aka ƙara jeri na musamman domin yara, ganin cewa ba a iya raba wa jariri ƙwayar babba yadda aka ga dama.

Kafin magani ya shiga, ana duba yawan masu fama da cutar da yake warkarwa, da ƙarfin hujjar cewa yana aiki, da illolinsa, da kuma ko amfaninsa ya kai kuɗinsa idan aka gwada shi da takwarorinsa. Tsada kaɗai ba ta hana magani shiga. Ana rubuta kowane magani da sunansa na asali, ba da sunan da kamfani ya laƙaba masa ba. Jerin kashi biyu ne: na tushe, wanda kowane tsarin lafiya yake bukata, da na ƙari, wanda sai da ƙwararren likita ko na'urorin gwaji.

Jerin WHO abin koyi ne, ba doka ba. Kowace ƙasa tana tsara nata. A Najeriya, Doka ta 43 ta 1989 ce ta kafa kundin magunguna na ƙasa da jerin muhimman magunguna, tare da kwamitin da ke bitarsu a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Shi kuma rajistar kowane magani da tabbatar da ingancinsa aikin hukumar NAFDAC ne. Abu biyu ne daban: magani yana iya samun lambar NAFDAC ba tare da ya shiga jerin muhimmai ba.

Aikin kwamitin asibiti

Jerin ƙasa yana faɗin abin da ya kamata a samu. Kundin asibiti kuwa yana faɗin abin da wannan asibiti zai saya, da cutar da za a ba da shi dominta, da awonsa, da wanda bai kamata a ba shi ba, da matakin ma'aikacin da ke da ikon rubuta shi, da yadda za a adana shi. Don haka kundin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, mai sassan ciwon ƙoda da ciwon daji, ba zai zama ɗaya da na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke garin ba, balle na ƙaramar cibiyar lafiya a Jere ko Konduga.

Bisa tsarin da WHO ta shimfiɗa, kwamitin magunguna da jinya ne yake rubuta kundin. Babban likita ne kan shugabance shi, shugaban sashen harhaɗa magunguna ya zama sakatare, sannan a samu wakilan manyan sassa, da ma'aikatan jinya, da na ɗakin gwaji, da na kuɗi. Kwamitin ba ya farawa da magani. Yana farawa da rajistar marasa lafiya, ya fitar da cututtukan da suka fi kawo mutane da waɗanda suka fi kisa. Daga nan sai ya koma ga ƙa'idojin jinya na ƙasa, ya zaɓi magani na farko ga kowace cuta, da na biyu idan na farko ya gaza. Likitan da yake son a ƙara sabon magani zai rubuta bukatarsa da hujjojinta, ya kuma bayyana idan yana da wata alaƙa da kamfanin. Tambayar da ake masa ita ce: me wannan yake yi wanda abin da ke hannu ba ya yi, kuma wanne za a cire idan ya shiga?

Misali: zubar jini bayan haihuwa

Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a Najeriya, kuma galibi yana faruwa ne idan mahaifa ta kasa tsukewa. Maganin da WHO ta sa a gaba wajen rigakafi shi ne allurar oksitosin, awo 10, da zarar jariri ya fito. Tana da araha, tana kuma aiki. A takarda, magana ta ƙare.

Matsalar ita ce oksitosin tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har ɗakin haihuwa. Zafi yana rage mata ƙarfi ba tare da ruwan ya sauya launi ba, don haka ungozoma ba za ta gane da ido ba. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka yi tare da NAFDAC, ya gano cewa kimanin kashi 74 cikin 100 na samfuran oksitosin da aka tattara a sassan Najeriya sun faɗi gwajin inganci. Maiduguri kuwa ta san rashin wuta: a Janairun 2021 masu tayar da ƙayar baya sun rusa turakun layin lantarkin da ke zuwa daga Damaturu, garin ya shafe watanni a duhu.

Kwamitin da ya san aikinsa zai jera sauran zaɓin. Akwai kabetosin mai jure zafi, wanda ya shiga jerin WHO a 2019 bayan gwaji a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Najeriya. Ba ya bukatar firji, amma ya fi tsada, kuma an amince da shi ne domin rigakafi. Ba a amfani da shi wajen tayar da naƙuda ko ƙara mata ƙarfi. Ke nan ba zai kori oksitosin daga kundi ba. Akwai ƙwayar misofurostol, wadda ba ta bukatar allura ko sanyi, sai dai laima tana lalata ta idan ƙunshinta ba mai kyau ba ne, kuma tana kawo rawar ɗari da zazzaɓi. Akwai agometirin, wadda ba a ba mace mai hawan jini ko alamun jijjiga. Sai taranezamik asid, wanda ba ya tsuke mahaifa, yana hana gudan jini narkewa ne. Ana ba da giram ɗaya ta jijiya, kuma dole ya kasance cikin awa uku da haihuwa.

Daga nan hukunci zai bambanta. Babban asibiti mai firji na hasken rana da ake rubuta awon sanyinsa safe da yamma zai riƙe oksitosin a matsayin na farko, ya ajiye sauran domin jinya. Cibiyar da ba ta da tabbacin sanyi za ta fi samun natsuwa da kabetosin ko misofurostol wajen rigakafi. Cuta ɗaya, jerin ƙasa ɗaya, kundi biyu.

Nawa za a saya?

Sanya magani a kundi ba ya kai shi kan kanta. Sai an ƙididdige, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. A ɗauka, domin misali, wani asibiti ya fitar da 'yan kwalaben oksitosin 1,500 cikin wata shida. Mai gaggawa zai raba shida ya ce 250 ake amfani da su a wata. Amma idan katin ajiya ya nuna cewa maganin ya yanke na kwana 30, to a wata biyar aka yi amfani da su, kuma ainihin bukatar ita ce 300.

Idan ana oda duk wata uku, kaya na ɗaukar wata biyu kafin su iso, ana kuma son ajiyar ko-ta-kwana ta wata ɗaya, to bukatar wata shida za a lissafa, wato 1,800. A cire 400 da ke hannu, za a yi odar 1,400. Wanda ya yi aiki da 250 zai yi odar 1,100 ne kawai. Gibin 300 daidai yake da wata guda babu magani, kuma wannan yankewar za ta sake rage lissafin zagaye na gaba.

Lissafin yana kuma tona asiri. Idan yawan haihuwa bai ƙaru ba amma oksitosin da ake fitarwa ta ninka, ɗaya daga cikin biyu ne: ko kaya na sulalewa, ko ungozomomi sun lura kwalba ɗaya ba ta aiki sun koma yin biyu ko uku. A nan ne ya kamata a duba takardar awon firji, a ware wannan rukunin kaya, a kai rahoto ga NAFDAC.

Idan kuɗi ya gaza

Yawancin asibitocin gwamnati suna aiki da asusun magani mai juyawa, tsarin da ya yaɗu bayan Shirin Bamako na 1987: a sayar da magani, a sayo wani da kuɗin. Idan aka karkatar da kuɗin zuwa wata hidima, ko aka yafe wa marasa galihu ba tare da an mayar da gurbin ba, asusun yana ƙanƙancewa, kanta ta bushe.

Domin irin wannan rana kwamiti ke kasa kundinsa kashi uku: na ceton rai, na dole, da waɗanda za a iya jinkirtawa. Oksitosin da insulin da allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna kashi na farko. Yawancin ruwan tari da haɗe-haɗen bitamin suna na uku. Ana kuma jera magunguna bisa kuɗin da kowanne ya ci a shekara, domin galibi 'yan kaɗan ne ke lashe mafi yawan kasafi. Idan aka tarar da maganin kashi na uku a sahun masu cin kuɗi, an gano inda za a fara yanka.

Amfanin wannan rabo ya fi fitowa a lokacin bala'i. A Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliyar ta shiga har Asibitin Koyarwa. Asibitin da irin wannan ta same shi, idan yana da rubutaccen jerin magungunan ceton rai, ya san abin da zai fara maidowa, ya kuma san abin da zai roƙa a wurin masu ba da agaji, maimakon karɓar duk abin da aka kawo, har da wanda ya kusa lalacewa.

Ga mai son ya auna ko kundin asibiti na raye, tambayoyi uku sun isa: yaushe kwamiti ya yi zamansa na ƙarshe, kashi nawa na takardun likitoci ne ke ɗauke da magungunan da ke cikin kundi, kuma kwana nawa magungunan ceton rai suka yi a yanke cikin watanni ukun da suka wuce. Amsoshin suna nan a littafin taro, da takardun magani, da katin ajiya.